Raka'a ta Uku

Alkawari kaya ne, kuma wanda aka ɗaukar wa mara lafiya ya fi kowanne nauyi. Kafinta ya san haka, ya sha faɗa wa wasu ma. Amma ranar da mahaifinsa ya riƙe masa hannu a kan darduma ya ce ya yi masa alkawari, bai tsaya tunani ba, ya ce ya yi. Kwana goma sha ɗaya bayan nan abin ya zo masa ta inda bai zata ba.

Mahaifin nasa, wanda kowa a layinsu ke kira Mai Agogo, ya yi shekara arba'in da wani abu yana gyaran agogo a wani ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa. Mutum ne mai son komai a mazauninsa. In ya kwance agogo, sai ya jera kayan cikin a kan farin ƙyalle daga hagu zuwa dama, wanda ya fara cirewa shi ne na ƙarshen mayarwa. Haka yake da sallarsa. Ba malami ba ne, amma rabin mazan layin a hannunsa suka koyi ruku'u da sujada, Kafinta kuwa da shi aka fara.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya a bakin famfo. Ya yi mako uku a asibiti. Da aka sallame su, hannun hagu ya yi nauyi, ƙafar hagu tana ja, amma magana ta dawo, kuma yana gane kowa. Nas ɗin da ta kawo takardar magani ta ja Kafinta gefe.

"Kai ne babban ɗansa? To saurara. In kun ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko kun kira shi bai amsa ba, kada ku tsaya yayyafa masa ruwa. Ku ɗauko shi nan take. Ciwon nan yakan dawo, kuma in ya dawo minti ɗaya ma ba abin wasa ba ne. Salla kuma ya riƙa yi a zaune, yana da jiri."

Kafinta ya ce to. Ya maimaita maganar a ransa har gida.

Ya kwashe katakon da yake ajiyewa a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ya sa gado da fanka, ya buga wani dogon itace a jikin bango don tsohon ya riƙa dafawa. Ya kuma yi masa kujera mai hannu, ya goge ta sumul. Mai Agogo ya dube ta ya ce, "Wannan ta wa ce?"

"Ta salla ce, Baba."

"Ka kai wa mai ciki. Ni goshina ƙasa zai taɓa."

Matar Kafinta ce ta fara lura. Ta kai wa surukinta abinci da azahar, ta same shi yana salla, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Da mijinta ya dawo daga shago ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban yara, akwai magana, amma kada ka ce ni na faɗa. Baba ya yi kabbara, bai karanta komai ba sai ya tafi sujada. Ya taso ya yi ruku'u. Ya sake ruku'u. Sannan ya tsaya yana kallon bango, ya daɗe. Da ya juyo na ga hawaye."

Da la'asar Kafinta ya zauna a bakin gado kamar mai duba ƙafar gadon, yana satar kallo. Haka abin yake. Fatiha tana nan a bakin tsohon, tahiya ma tana nan, babu harafin da ya faɗi. Jerin ne ya watse, kamar an girgiza farin ƙyallen nan kayan agogo sun cakuɗe. Tsohon ya yi sallama a inda ba wurin sallama ba.

"Ka gani ko?" ya ce, bai juyo ba.

"Na gani, Baba."

"Tun da na dawo ban yi guda ɗaya cikakkiya ba. Ina ƙirgawa. Yau kwana shida, salla talatin ke nan." Ya shafa gemu da hannun da ke aiki. "Ba mutuwa nake tsoro ba. Kada dai ta same ni ban iya gaida Ubangijina ba. Ni na koya maka. Ka mayar mini da abina."

Washegari Kafinta ya yanko falle ɗaya na katakon filawud, ya rubuta da fensirin aikinsa, manya-manya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: niyya, kabbarar harama a tsaye, Fatiha, sura, ruku'u, ɗagowa har a miƙe, sujada, zama, sujada ta biyu, tashi. A ƙasa ya ƙara: bayan raka'a biyu a zauna a yi tahiya, a ta ƙarshe a yi tahiya a yi sallama. Ya jingina shi a bangon alƙibla.

Suka fara gwaji ba a lokacin salla ba, da hantsi, kafin ya tafi shago.

"Tsaya sosai, Baba. Dafa itacen. Me za ka yi?"

"Azahar."

"To ka ƙudurta a zuci. Kabbara."

Tsohon ya ɗaga hannun dama, na hagu ya biyo rabi, ya fara "Allahu" yana tsaye, ya ƙarasa "akbar" yana sunkuyawa.

"A'a. Ta harama a tsaye ake gama ta kafin a motsa. Sake."

Ya sake. Ya tsaya shiru, leɓe a rufe.

"Karatu kake yi?"

"A zuci."

"Kai ka ce mini karatun zuci ba karatu ba ne, sai harshe ya motsa. Sake."

Suka kai ruku'u. Kafinta ya tuna yana ɗan shekara bakwai, mahaifinsa ya ɗora masa kofin ruwa a gadon baya, ya ce in ya zube a sake. Yanzu ga bayan nan da ya fi katako miƙewa ya lanƙwashe, gwiwa tana rawa. Daga ruku'u tsohon ya zarce ƙasa.

"Ba ka ɗago ba, Baba. Sai ka miƙe, kowace gaɓa ta koma wurinta, sannan sujada. Sake."

Sau tara ya ce sake a safiyar nan. Bai san yana faɗa da irin muryar da aka faɗa masa ba sai da matarsa ta gaya masa a tsakar gida.

"Kana yi masa tsawa kamar yaron shago."

"Haka ya koya mini."

"Kai da aka koya maka ƙafarka biyu lafiya."

Allon bai yi amfani ba. In tsohon ya ɗaga ido ya duba, sai ya manta layin da yake, in ya samo layin sai ya manta raka'a ta nawa ce. Ga shi kuma abin yana damunsa, wai shi da ya hana yara ɗaga ido a salla yau shi ne yake karatun bango. Kwana huɗu suna wannan fama. Abinci ya ragu a cikinsa, ƙirgen nasa kuma yana ƙaruwa. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ji lamba. Hamsin. Hamsin da biyar.

Ranar ta biyar Ladan ya zo. Shi ne mai kiran salla a masallacin layin, ɗan ƙanwar mahaifin Mai Agogo ne, tare suka tashi, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Ya shigo yana dogara sanda, ya dubi filawud ɗin, ya dubi mara lafiyar.

"Au, an mayar da kai aji ɗaya? Madalla. Alhakin 'ya'yan mutane ne da ka riƙa ɗora wa kofi."

"Kai da har yau ba ka san lokacin asuba ba sai na saita maka agogo."

"Agogon da ka saita ne ya sa na kira salla ana tsakar barci, aka kusa dukana."

Mai Agogo ya yi dariya, karon farko tun da ya dawo, dariyar ta karkace gefe ɗaya. Ladan ya zauna a kujerar da aka ƙi, ya sa aka yi gwajin a gabansa. Da Kafinta ya ce sake karo na uku, Ladan ya buga sanda a ƙasa.

"Ɗana, wa ya ce maka duk wanda ya yi mantuwa daga farko yake komawa? Me aka ajiye ƙabli da ba'adi don shi? Wanda ya manta zaman tahiyar farko har ya miƙe, ba ya dawowa, ya ci gaba, ya yi sujada biyu kafin sallama. Wanda ya yi ƙari, biyu bayan sallama. Wanda ya rasa uku ya yi ko huɗu, ya ɗauka uku ce, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi. Wanda kuma kokwanto ya zame masa ciwo kullum, an ce ya share shi kawai, ya yi ba'adi ya tashi. Addinin nan ba a kafa shi don a karya tsoho ba."

"Baffa, ba tahiya yake mantawa ba. Ruku'u yake tsallakewa."

Ladan ya ce, "To wannan farilla ce, sujadar mantuwa ba ta maye ta. Gaskiyarka." Ya juya ga ɗan'uwansa. "Amma kai ma ka sani, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Ka zauna a kujerar nan, ka yi nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Abin da ya kuɓuce maka ba da gangan ba, Mai shi ya fi ka sanin ciwonka."

"Ka gama?"

"Ban gama ba, mai taurin kai. Tun da ba za ka ji ba, ga hanya. Ka daina yi kai kaɗai. Ɗanka ya ja ka. Ba sai ka riƙe jeri ba, ba sai ka ƙirga ba. Ya yi, ka yi. Karatu ma ya ɗauke maka, ƙananan mantuwa duk suna wuyansa. Naka kawai niyya, kabbarar farko, ka bi shi ruku'u da sujada, ka yi sallama bayan tasa."

Mai Agogo ya dubi ɗansa sama da ƙasa. "Wannan ne zai yi mini limanci? Wanda yake sujada kamar kaza tana tsattsagar tsaba?"

"Shi ɗin. Kuma kai ɗana, ka ja a hankali. In ya makara, ka jinkirta, zai cim maka."

Daga ranar Kafinta ya riƙa rufe shago sau biyu, azahar da la'asar, ya hau babur ya dawo gida. Sauran ukun dama yana gida. Yakan tsaya a kan darduma, mahaifinsa a damansa, ɗan baya kaɗan, kusa da itacen bango. Ba ya ganinsa sosai, sai dai gefen farar riga ta wutsiyar ido, da numfashi, da ƙarar gwiwa.

Sabon kuskure ya fito. Mutumin da ya yi shekaru yana jan wasu bai iya bi ba. Kafin Kafinta ya ce Allahu akbar, tsohon ya riga shi ƙasa. A magariba ta farko ya yi sallama tun ɗan nasa yana tsakiyar tahiya.

"Baba, ka riga ni sallama. Wannan ta tafi, sai mun sake."

"Kai ne kake jan ƙafa."

"Ɗazu ka ce ina sauri."

"Ɗazu kana sauri."

"Ka jira har ka ji na gama faɗa, ka ga na fara motsi, sannan ka biyo. Mai bi ba ya gaba, ba ya kafaɗa da kafaɗa. Kai ka faɗa mini."

"Komai ni na faɗa maka. Kai ba ka da taka?"

A hankali abin ya fara zama. Sai dai kowace salla da inda take yagewa. Yau ya zauna a inda ake tashi, gobe ya shimfiɗa hannu a ƙasa har gwiwar hannu, Kafinta ya ce masa tafi kawai ake sawa, jibi ƙafar hagu ta ƙi lanƙwasuwa yatsu suka bar ƙasa. Da yawa daga ciki Ladan ya ce ba su ɓata komai ba. Mai Agogo ya ce shi ba wadda aka yi wa faci yake nema ba, guda ɗaya yake so daga kabbara zuwa sallama babu tangarɗa.

Akwai kuma wani abu da ya fara yi. In ya kai goshi ƙasa, sai ya daɗe. Wani lokaci ya manta ne abin da ke gaba, wani lokaci addu'a ce ta riƙe shi. Wata azahar, a raka'a ta biyu, Kafinta ya ɗago daga sujada bai ji motsi ba. Ya jira, shiru. Maganar nas ta faɗo masa. Ya yanke sallar, ya juya ya cicciɓi tsohon ta kafaɗa yana kiran "Baba! Baba!"

Mai Agogo ya ɗago da ido jawur. Lafiyarsa ƙalau.

Kafinta bai taɓa ganin ɓacin rai irin wannan a fuskarsa ba, ko a zamanin kofi. 

"Tana tafiya daidai. Ko ɗaya ban kuskure ba. Ina roƙon Allah ne ya cika mini ita, ka zo ka fizge ni kamar buhu. Wa ya koya maka waiwaye a salla?"

"Na ji shiru ne, Baba."

"Sujada wurin surutu ce? Ka karya taka, ka karya tawa." Ya kamo hannun ɗan nasa da hannun dama, riƙon yana nan da ƙarfinsa. "Ka yi mini alkawari. In ka yi kabbara, ba ka juyowa sai ka yi sallama. Ko me ka ji. In na makara zan cim maka, in raka'a ta wuce ni zan kawo ta. Na san wannan tun ba a haife ka ba. Ka yi alkawari."

Tsohon yana kuka, shi ma idonsa ya cika. Ya ce, "Na yi, Baba."

Matarsa da ta ji hayaniyar daga tsakar gida ta ce masa daga baya, "Da ka ce masa in Allah ya yarda, ka bar wa kanka ƙofa."

"Ba ki ga fuskarsa ba."

Kwana goma suka biyo baya, kuma su ne mafi daɗi. Sau uku tsohon ya daɗe a sujada, sau uku Kafinta ya danne zuciyarsa ya tsawaita zama, sau uku kuma ya ji gwiwa ta yi ƙara, farar riga ta taso. Tsohon ya koma cin abinci. Ya daina faɗin lamba. Ya ce a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa, yana so ya ga ko yatsun za su iya riƙe ɗan sukundireba.

Rana ta goma sha ɗaya Kafinta ya dawo la'asar da garin katako a gashinsa. Ya sami mahaifinsa ya riga ya yi alwala, yana zaune a bakin gado yana murza goshi.

"Kanka ne ke ciwo?"

"Kaɗan. Zafi ne."

"Ka sha maganin rana?"

"Na sha. Tayar mana da salla, lokaci yana tafiya. Yau jikina yana ba ni za ta cika."

Kafinta ya yi iƙama, ya yi kabbara. Ya ji ta mahaifinsa ta biyo bayan tasa, a tsaye, cikakkiya. La'asar a ɓoye ake karatunta, don haka ɗakin ya yi tsit, sai fanka da muryar mai sayar da ruwa can a layi. Ruku'u. Tsohon ya jira, ya biyo. Ɗagowa. "Rabbana wa lakal hamdu," a wurinta. Sujada biyu, da zama a tsakani, babu gaggawa. Raka'a ta biyu ta bi sahun ta farko. Suka zauna tahiya, ta wutsiyar ido ya hango yatsan tsohon yana motsi a kan cinya. Murna ta kama Kafinta. Rabi ya tafi babu tabo.

Suka tashi ta uku. Kabbarar da ta biyo bayan tasa ta ɗan yi nauyi, kamar mai magana da abu a baki. Ya ji. Ya ce a ransa gajiya ce. Suka yi ruku'u, suka ɗago, suka yi sujada ta farko, suka zauna, suka koma ta biyu. Kafinta ya yi kabbara ya miƙe zuwa ta huɗu.

Ba a biyo shi ba.

Ya tsaya. Ya karanta Fatiha a hankali, yana ja, kunnensa duk yana dama. Farar rigar tana ƙasa. Ya gama, ya ƙara jira. Addu'a yake yi, in ji zuciyarsa, yau da ya ga ta kusa cika dole ya daɗe. Wata zuciyar ta ce, ka kira shi bai amsa ba, me aka ce maka? Ta farko ta ce, ai ba ka kira ba. Sau uku yana yin haka yana tasowa. In ka juya yau ka same shi lafiya, ka karya masa ita a raka'a ta uku, da wane ido za ka dube shi?

Ya yi ruku'u, ya daɗe a ciki fiye da yadda ya taɓa yi, don in tsohon ya taso ya same shi a nan raka'ar ba ta wuce shi ba. Ya yi tasbihi har ya daina ƙirgawa. Bayansa ya fara zafi. Ya ɗago. To ta wuce shi, ya ce a ransa, ba komai, in na yi sallama ya tashi ya kawo ɗaya, sallarsa ta inganta, Baffa ma zai faɗa masa haka.

Da ya kai goshi ƙasa kansa ya zo kusa da na mahaifinsa, sai ya ji numfashin. Ba na mai addu'a ba ne. Wani gurnani ne mai kauri, kamar minshari, yana tsayawa yana dawowa.

A nan ya kamata ya tashi. Ya san haka yanzu, ya kuma san ya sani a lokacin. Amma saura zama ɗaya, sujada ɗaya da tahiya, kuma jikin da aka horar tun yana ɗan shekara bakwai ya ci gaba da kansa. Ya ɗago, ya koma, ya zauna. Ya karanta tahiya da gudu, irin gudun da aka hana shi, kalmomi suna hawa kan juna. Ya juya kai dama ya yi sallama, idonsa ya sauka a kan mahaifinsa.

Tsohon yana nan a durƙushe, amma ya zame ya jingina da bango ta kafaɗa. Goshin ya bar darduma, kunci ne a ƙasa. Bakin ya koma gefe, yawu ya jiƙa dardumar.

Ihun da ya yi ne ya fito da matarsa ba mayafi. Maƙwabcinsu mai tasi ya kawo mota har bakin ƙofa. A hanya Kafinta yana riƙe da kan mahaifinsa a cinya, yana ta faɗin "Baba, na idar, na idar," kamar wannan ne labarin da tsohon yake jira.

Likitan matashi ne, da gajiya a idonsa. Bayan an ɗauki hoton kai ya fito ya same su a baranda. Ya ce jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, suna yin abin da za su iya.

"Tun yaushe ya fita hayyacinsa?"

"Muna salla ne," in ji Kafinta. "Na ji alama, ban juya ba sai da na idar. Minti biyar. Ko shida. Na ja ta da yawa. Likita, da na juya tun farko fa?"

Likitan ya dube shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Sauri yana da amfani a ciwon nan. Amma irin wannan zubar, wani ko a gabanmu ta same shi haka za ta yi. Ba ni da yadda zan auna maka minti biyar ɗin nan."

Ladan ya iso bayan magariba, ɗansa ya kawo shi. Ya shiga ya ga ɗan'uwansa da robobi a hanci, ya tsaya a kansa.

"Tashi, malalaci," ya ce. "Wa zai saita mini agogo?" Ya juya ya fito.

A kan bencin baranda Kafinta ya faɗa masa komai, har alkawarin, wanda bai taɓa gaya masa ba. Ladan ya jingina goshi a kan sandarsa.

"Ɗana, ana yanke salla don rai. Ba ma an yarda ba ne kawai, dole ne. Ko makaho ka hango zai faɗa rami, ka yanke ka tare shi, salla a sake ta. Alkawarin da zai hana ka wannan ba a cika shi." Ya ɗago. "Amma ni na ce maka ka jinkirta zai cim maka. Na koya maka ƙabli da ba'adi, na koya maka jira, ban faɗa maka inda ake yankewa ba. Na ɗauka kowa ya sani. Shi ma da ya yi shekaru yana koya muku, na tabbata bai taɓa faɗa ba."

"Bai taɓa ba. Cewa yake ko maciji ne kada mu motsa."

"Ƙarya yake, da ya ga macijin shi zai fara gudu." Ladan ya share ido da bakin rawani.

"Baffa, tasa fa? Uku ya yi. Babu kuskure ko ɗaya, na rantse. Ta cika ko ba ta cika ba?"

"In ka tambaye ni littafi, la'asar huɗu ce. Wanda hankalinsa ya gushe kuma an ɗauke masa alƙalami, babu laifi a kansa. Abin da aka rubuta masa a can, ba ni ke riƙe da littafin ba."

Yau kwana tara ke nan a asibiti. Kafinta ya bar shago a rufe. Yana salla a wani lungu kusa da matakala, shi kaɗai, kuma sau biyu ya tsinci kansa ya tsawaita ruku'u yana sauraron dama. Matarsa ta tambaye shi ko ta cire filawud ɗin daga bango, ya ce ta bar shi. Ya tara 'ya'yansa uku ranar da ya je gida wanka, ya ce musu in suna salla suka ji wani yana neman ceto, su yanke. Suka dube shi, don ba haka ya koya musu ba.

Mai Agogo bai buɗe ido ba. Wani lokaci manunin hannunsa na dama yakan motsa a kan zanen gado, sama da ƙasa, a hankali. Matar Kafinta ta ce tahiya yake yi. Nas ta ce jijiya ce, marasa lafiya da yawa suna yin haka. Likita ya ce ba zai iya cewa zai farka ko ba zai farka ba, kuma in ya farka ba a san abin da zai tuna ba. Ko minti biyar ɗin nan ne suka kai shi inda yake, ko da ma can zai je, babu wanda ya iya gaya wa Kafinta, shi ma bai sani ba.